Yadda za ka zaɓi wayar buga gem da kuɗi kaɗan, kada kwali ya ruɗe ka

Ɗan yayata da ke karatu a Samaru ya daɗe yana tara kuɗin waya. Ranar wata Asabar ya iske ni a gida da hoton wani kwali a wayar abokinsa, yana ta zumuɗi. "Kawu, dubi wannan. RAM giga 16, fuska 120Hz, batir dubu biyar da wani abu, kuma kuɗina sun kai." Na karɓa na duba. Duk abin da ya faɗa yana jikin kwalin, an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Na tambaye shi wane inji ne a cikinta, sai ya yi shiru, domin wannan ba a rubuta shi a gaba ba. Yana can baya, cikin ƙananan rubutun da sai ka kanne ido za ka karanta.

Haka ake sayar da waya mai araha. Lambobin da ba sa cin kamfani kuɗi sosai su ake ɗagawa sama, abin da ke da tsadar gaske kuma a lulluɓe shi. Ga mai buga gem, abin nan mai tsada shi ne furosesa, wato injin wayar, kuma shi ke yanke hukunci a kan sauran ukun. Saboda haka akwai tsarin da ake bi: a fara da inji, sai RAM ta gaskiya, sai batir da zafi, fuska kuma ta zo ƙarshe. Tsarin da muka bi ke nan da muka je shagunan waya na PZ, a Zariya, da yaron.

Kafin ka fita gida, san gem ɗinka

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Mai buga Ludo ko Dream League Soccer kusan kowace sabuwar waya za ta ɗauke shi, kada ya wahalar da aljihunsa. Free Fire an gina shi ne don ƙananan wayoyi, matsakaicin inji ya ishe shi. Inda magana take shi ne PUBG Mobile, Call of Duty Mobile da eFootball, waɗanda ke matse waya har ta yi gumi. Yarona PUBG da eFootball yake bugawa, don haka a kansu muka yi lissafi.

Mataki na farko: gano injin, ka san danginsa

Kada kalmar Octa-core ta burge ka. Ma'anarta kawai injin yana da ƙwayoyi takwas, kuma yau yawancin wayoyi masu araha ma takwas ɗin gare su. Abin tambaya shi ne waɗanne irin takwas ne. Ka ɗauka leburori takwas aka kawo maka aikin gini: takwas ɗin da duk yara ne daban, takwas ɗin da biyu daga ciki ƙarti ne majiya ƙarfi daban. Gem yana jingina ne a kan ƙartin nan, tare da ɓangaren da ke zana hoto, wanda za ka ga an rubuta GPU.

Injinan da suka cika wayoyi masu araha a kasuwarmu za ka iya kasa su gida uku.

Na ƙasa su ne irin su Helio G35, G36 da G37 na kamfanin MediaTek. Harafin G ɗin yana sa mutum ya zaci na gem ne, alhali ƙwayoyinsu takwas duk ƙanana ne, samfurin Cortex-A53, babu babba ko ɗaya. Waya mai wannan inji ta kira ce da WhatsApp. Unisoc T606 ya ɗan ɗara su domin yana da manya biyu, amma ɓangaren zanensa ƙwaya ɗaya ce tal, don haka shi ma iyakarsa ƙananan gem.

Na tsakiya shi ne gidan Helio G85, wanda ya fito a 2020. Manyan ƙwayoyi biyu ne samfurin Cortex-A75, ƙanana shida, da ɓangaren zane Mali-G52. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne G81, G85, G88 da G91 duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Riga ake canja masu, a ƙara masu ikon ɗaukar babbar kyamara ko fuska mai sauri, amma ƙarfin buga gem kusan yana nan inda yake. Idan mai shago ya ce maka G91 ya kusa kamo G99 tun da lambobin suna kusa, ka yi murmushi kawai. Tsakaninsu akwai tazara.

Na sama a wannan aji shi ne Helio G99 na 2022, kuma a ganina shi ne ƙofar shiga ga duk wanda PUBG ko Call of Duty ne gem ɗinsa. Manyan ƙwayoyinsa biyu Cortex-A76 ne, ɓangaren zanensa Mali-G57 mai ƙwaya biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci a garinmu shi ne yadda aka ƙera shi. Gidan G85 an yi su ne a ma'aunin nanomita 12, shi kuwa G99 a nanomita 6. Ƙanƙantar wannan lamba na nufin injin yana yin aiki iri ɗaya da ƙarancin wuta, kuma ƙarancin wuta shi ne ƙarancin zafi. Helio G100 da waɗanda aka liƙa wa Ultra ko Ultimate a bayan G99, su ma gida ɗaya ne da shi. Dimensity 6080, 6100+ da 6300 kuwa kusan ƙarfinsu ɗaya da G99, 5G ce aka ƙara masu. Idan za ka biya ƙari don 5G, ka biya da saninka, amma kada ka zaci gem zai ninka gudu.

Akwai wani tarko da ke kama masu ɗan ilimin waya, wato sunan Snapdragon. An saba ji cewa Snapdragon ya fi MediaTek, kuma a manyan wayoyi maganar ta daɗe tana da ƙamshin gaskiya. A wannan aji ba haka ba ne. Snapdragon 680 da ƙaninsa 685 suna da kyau wajen riƙe caji domin su ma nanomita 6 ne, amma ɓangaren zanensu Adreno 610 tsohon hannu ne, G99 ya fi shi a gem nesa ba kusa ba. Idan Snapdragon kake so a nan, nemi 695 zuwa sama.

To yaya za ka tabbatar? Kada ka tsaya ga bakin mai shago, ba don maƙaryaci ne ba, sau da yawa shi ma abin da ke kwalin ya haddace. Kuma waya ɗaya takan zo kala biyu da suna kusan ɗaya, mai 4G da mai 5G, ko mai ƙaramin harafin i a ƙarshe, kowace da injinta. Infinix Hot 40i tana da Unisoc T606, Hot 40 tana da G88, Hot 40 Pro kuma G99: suna ɗaya, gida uku. Sauke manhajar CPU-Z ko Device Info HW a kan wayar, ba su da nauyi, ka duba shafin farko. Wani lokaci lambar ma'aikata za ta nuna maka maimakon suna. MT6789 shi ne G99 da danginsa, MT6769 gidan G85 ne, MT6765 kuma gidan G35 ne. Waɗannan ukun na rubuta wa yaron a bayan wani tsohon rasit, ya sa a aljihu.

Mataki na biyu: RAM ta gaskiya da ta aro

Yanzu mu koma ga giga 16 ɗin nan. Da muka ƙara girman hoton, ƙarƙashin babbar lambar an rubuta 8+8 da ƙaramin rubutu. Takwas ta farko ita ce RAM ta gaskiya, wadda aka dasa a jikin wayar. Ta biyun aro ce. Wayar tana gutsuro wani yanki na ma'ajiyarta, inda hotuna da bidiyo ke zama, ta riƙa ajiye manhajojin da ba ka amfani da su a lokacin. Infinix suna kiran abin MemFusion, Samsung suna cewa RAM Plus, Xiaomi kuma Memory extension.

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ga gem ba ta da amfani. RAM tamkar tabarmar mai kayan koli ce da ya shimfiɗa a gabansa, ma'ajiya kuma sito ne a bayan kasuwa. Abin da ke kan tabarma hannu kawai zai miƙa, na sito sai ya tashi ya je ya dawo. Gem ɗin da kake bugawa dole ya zauna a kan tabarma. Don haka idan ka ga 4+4 an rubuta 8GB, wayar giga 4 ce, ka yi mata ciniki a matsayin giga 4.

Nawa ya isa? Android da kanta, da kayan da kamfani ya cusa, suna cinye wani babban kaso kafin ka buɗe komai. A waya mai giga 4 gem zai buɗe, amma ga alamar da za ka gani: kana tsakiyar wasa saƙo ya shigo, ka leƙa WhatsApp ka amsa, ka dawo ka tarar gem ɗin ya koma farko yana lodi, an riga an kashe ka a fage. Wayar ce ta rufe shi don ta samar wa WhatsApp wuri. Giga 6 ita ce mafi ƙarancin abin da zan ba mai PUBG shawara, 8 kuma ta wadatar. Sama da 8 a kan inji irin G99 ɓarnar kuɗi ce, domin RAM ba ta ƙara gudun zane. Idan aka ajiye maka G85 mai giga 8 da G99 mai giga 6 a kuɗi ɗaya, ɗauki G99 ka wuce.

Ma'ajiyar ita ma tana da iri biyu, kuma ba a cika faɗa ba. Akwai eMMC 5.1, akwai UFS 2.2 wadda ta ninka ta saurin karatu fiye da sau biyu. Bambancin yana fitowa wajen lodi, da lokacin da kake gudu da mota a cikin taswira gidaje suna makarar bayyana. Gidan G85 eMMC kawai yake ɗauka, G99 yana ɗaukar UFS 2.2, wani dalilin ke nan na haura wannan matakala. Girma kuma kada ya gaza giga 128, domin PUBG ko Call of Duty, idan ka sauke taswirori da sauran kaya, kowanne yana iya haura giga 10.

Mataki na uku: batir, da abin da zafin Zariya ke yi masa

Kusan duk wayoyin wannan aji 5000mAh gare su, wasu irin Tecno Pova 5 suna da 6000. Tun da kusan kowa lambarsa ɗaya, lambar ba ta raba gardama. Abin da ke rabawa shi ne saurin da injin da fuskar ke zuƙe ta.

Ga lissafi mai sauƙi. Batirin waya yana aiki a wajen bolt 3.85. Idan ka ninka da 5000mAh za ka samu kimanin wat-awa 19, wato zai iya ba da wat 19 na tsawon awa ɗaya. Idan gem yana jan wat 4, ka raba 19 gida 4, ka samu awa biyar ba kwata. Idan injin mai cin wuta ne, hasken fuska kuma yana ƙure saboda kana zaune a waje, ya ja wat 5 da rabi, ka dawo awa uku da rabi da batir ɗin nan dai. Shi ya sa waya mai 5000 da injin nanomita 6 takan yi kafaɗa da mai 6000 da injin nanomita 12.

Wutar da inji ya ci ba ɓacewa take yi ba, zafi take komawa. Kowace waya tana da ma'aunin zafi a ciki, kuma idan ta ji ta kai wani mataki sai ta rage gudun injin da kanta don kada ta lalace. Wannan ne sirrin ƙorafin da ake yawan yi, cewa waya tana tafiya sumul a minti goma na farko, daga nan ta fara cijewa, daidai lokacin da da'irar filin PUBG ta matse, wasa ya yi zafi. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. A Zariya, watan Maris da Afrilu zafin rana yakan doshi digiri 40. Wayar da ta fara wasa jikinta na 36 tun kafin a taɓa ta, tazarar da ta rage mata kafin ta ja birki kaɗan ce. Wayar da ka gwada cikin sanyin hunturu a Disamba ta burge ka, ita ce za ta ba ka kunya a bazara cikin ɗakin kwano.

Caji ma yana kawo nasa zafin. Mu da wuta ke zuwa ta tafi, kowa ya san jarabar nan ta maƙala waya a caji ana buga gem don kada a yi asarar wutar. Zafi biyu ke nan a lokaci guda, kuma babu abin da ke tsufar da batir kamar zafi. Idan ka ga bayan waya ya fara ɗagowa, ko fuskar ta ɗan turo daga gefe, batir ya kumbura, ka daina amfani da ita ka kai a canja. Wasu wayoyin, irin Infinix Note 30, suna da tsarin da ake kira Bypass charging, inda wutar caja ke wucewa kai tsaye zuwa inji ba ta bi ta batir ba. Ga mai wasa a kan caji wannan ya fi ƙarin dubu ɗaya a lambar batir amfani.

Saurin caji kuma a wurinmu ba ado ba ne. Cajar wat 18 tana ɗaukar sama da awa biyu kafin ta cika 5000mAh, mai wat 33 kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Idan wutar unguwarku awa ɗaya take yi ta ɗauke, ko kana biyan mai caji a bakin titi, ka san wadda ta fi maka. Ka kuma tambaya ko akwai kan caja a cikin kwalin, domin ba kowane kamfani ke sa shi ba yanzu, kuma na kirki kuɗi ne.

Mataki na huɗu: fuska, inda 120Hz ke ruɗar mutane

Abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya. Hz ita ce sau nawa fuskar waya za ta iya sabunta hoto a daƙiƙa guda. FPS kuma shi ne hotuna nawa injin yake iya zanawa ya miƙa mata a daƙiƙar. Fuska mai 120Hz kamar mai tuyar ƙosai ce da ke da babban kasko: kaskon zai ɗauki ɗari da ashirin, amma idan ƙullun arba'in aka kawo mata, arba'in za ta toya.

A PUBG, matakan gudun hoto suna da sunaye: High na nufin 30 a daƙiƙa, Ultra 40, Extreme 60. Gem ɗin da kansa yake duba wayarka ya buɗe maka matakin da ya ga za ta iya. A yawancin wayoyi masu G99, idan ka sa zane a kan Smooth, abin da za ka samu Ultra ne, wato 40. Shi kuwa eFootball a waya iyakarsa 60. Ka ga ke nan a gem biyun da yarona ke bugawa, fuskar 60Hz ma ta isa, ba sai 120 ba. Inda 120Hz ke da daɗi shi ne jan shafi a Facebook da TikTok, kuma tana ƙara shan batir. Ba na cewa ka guje ta. Idan ta zo a kan inji mai kyau, madalla. Amma kada ka ƙara ko sisi dominta, kada kuma ka sauka daga G99 zuwa G85 saboda ita.

Abin da ya fi yawan hoto muhimmanci shi ne daidaitonsa. Arba'in da ke tsaye cak ta fi sittin da ke faɗowa ashirin da biyar duk lokacin da aka jefa gurneti, domin hannu yana sabawa da gudu ɗaya, faɗuwar ce ke sa ka kuskure harbi.

Sai yawan ɗigon fuska. Mai 720 a 1600 tana da ɗigo miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin da biyu, mai 1080 a 2400 kuma miliyan biyu da dubu ɗari biyar da casa'in da biyu, wato ninki biyu da kwata. Ƙaramin inji a kan fuska mai ɗigo da yawa kamar jaki ne da kayan raƙumi. Saboda haka idan kuɗinka iyakarsu gidan G85, fuskar 720 ba abin kunya ba ce, sauƙi ce ga injin. A kan G99 kuwa 1080 ta dace, kuma tana taimakawa wajen hango abokin gaba daga nesa.

Abu ɗaya da ba ya cikin huɗun nan amma zai iya ɓata maka ciniki: idan kana saita bindiga ta hanyar karkata waya, duba shafin Sensors a CPU-Z ka ga akwai Gyroscope. Wasu wayoyi masu araha ba su da shi, wasu kuma na kwaikwayo gare su wanda ke makara.

Yadda ta kaya a PZ

Mun sauka Sabon Gari da hantsi, muka zaga shago uku kafin mu zauna a na huɗu, inda mai shagon ya jera mana kwalaye huɗu a kan gilashi. Farashi ba zan kawo ba, domin yana bin dala, na wannan wata daban da na wata mai zuwa.

Ta farko Redmi 14C, ita ce mafi araha: fuska babba mai 120Hz, batir 5160mAh, amma injin Helio G81 Ultra ne, fuskar 720, caji wat 18. Ga mai Free Fire ciniki ne mai kyau, na kuma faɗa wa yaron haka. Ga PUBG ta tsaya a gida na tsakiya, muka ture ta gefe.

Ta biyu Redmi Note 13 mai 4G. Fuskarta AMOLED ce mai 120Hz, launinta har ɗaukar ido yake yi, ga cajin wat 33. Yaron ya riƙe kwalin ya ƙi saki. "Kawu, ai wannan Snapdragon ce." Na ce ya karanta lambar. Ya karanta 685. Wayar kallo ce ta gaske, amma ba don kallo muka zo ba.

Saura biyu, kuma duk G99 ne. Samsung Galaxy A15 mai 4G tana da fuskar AMOLED mai 90Hz da cajin wat 25, tana kuma zuwa da giga 4, 6 ko 8. Wadda ke shagon mai 4 ce, sannan sai an sayi kan caja daban. Infinix Hot 40 Pro tana da giga 8 ta gaskiya, fuskar 1080 mai 120Hz wadda ba AMOLED ba, da cajin wat 33. Da A15 ɗin mai giga 6 ko 8 ce a kuɗin da ke hannunmu, da sai mun yi dogon tunani, domin 90 da 120 duk ɗaya ne a wurin gem ɗinsa. Tun da mai 4 ce, RAM ta raba gardama.

Mai shagon, ganin muna ta juya kwalaye, ya jawo wata daga aljihun tebur. "Alhaji, ga Landan-yus, tsohuwar babbar waya ce, injinta ya fi duk waɗannan." Gaskiya ya faɗa. Waya irin Galaxy S10 ta 2019 injinta ya fi G99 ƙarfi sosai. Amma batirinta 3400mAh ne tun tana sabuwa, yanzu kuma ya sha shekaru, ga manyan injinan nan da saurin ɗumi, ga tsadar fuska idan ta fashe. Wanda ke da wuta tsayayya, ya kuma ware kuɗin sabon batir, zai iya shiga wannan caca. Ɗalibin da ke zaune a hostal ba nasa ba ne.

Gwajin rabin awa

Babu mai shagon da zai bari ka ɓare sabuwar waya kafin ka biya, kuma yana da gaskiya. Hanya biyu ce. Ko ka nemi wanda ke da irinta a cikin abokai ka gwada tasa tun kafin ka je kasuwa, wannan ya fi, ko ku yi yarjejeniya a gaban shaida cewa za ka biya, a buɗe a nan, idan abin da ke ciki ya saɓa wa kwali a canja maka. Mu ta biyun muka bi. Ka je da wata wayar mai data don ka ba sabuwar intanet, da gem ɗin a ciki don ka tura ta Xender.

Da an kunna, danna `*#06#` ka gwada lambar IMEI da ta fito da wadda ke jikin kwali. Sai CPU-Z: namu ya nuna MT6789, RAM kuma ta nuna giga 7 da ɗoriya, wanda daidai ne ga waya mai 8, domin tsarin wayar yana riƙe wani abu. Idan ka ga 3 da ɗoriya, wayar giga 4 ce ko me aka rubuta. Don ganin gudun fuska, shiga Settings, ka nemo Build number a ƙarƙashin bayanin waya, ka taɓa shi sau bakwai, Developer options zai buɗe, a ciki ka kunna Show refresh rate. Wata lamba za ta fito a saman fuska. Ka lura, gudun fuska take nunawa, ba yawan hoton da gem ke zanawa ba.

Daga nan sai wasan kansa. Cire rigar wayar, sa haske rabi, rubuta kason caji da zafin batir daga shafin Battery na CPU-Z. Shiga saitin zane na gem ɗin ka ga matakin da ya buɗe maka, sannan ka buga cikakken wasa, ka sauka inda jama'a suka fi yawa, kada ka tsaya a filin horo inda babu kowa. Minti biyar ba gwaji ba ne, sai ka haura ashirin zafi ke nuna halinsa. Yaron ya zauna a kan bencin shagon ya yi minti talatin. Caji ya sauka da kashi 9, wanda ke nufin cikakken batir zai kai shi wajen awa biyar da rabi. Zafi ya tashi daga 34 zuwa 41, kuma juyin kyamara a minti na talatin bai bambanta da na farko ba. Da ya haura 45, ko caji ya zube da kashi 15, da mun sake magana.

Ana cikin haka sau biyu ya ɗago kai ya ce ta cije. A nan sai ka bambance laifin waya da na sabis. Dubi 'yar lambar da ke gefen fuska mai ms a ƙarshe. Idan ta yi ja ta haura, mutane suna tsalle daga wuri zuwa wuri, amma kana juya kyamara tana tafiya lafiya, sabis ne, kuma waya ta miliyan ma haka za ta yi a wurin. Idan lambar tana kore amma hoton gaba ɗaya yana tsinkewa lokacin da ka juya, wannan inji ne. Nasa duka biyun lambar ce ta yi ja, cikin shago mai rufin kwano a tsakiyar kasuwa.

Muka karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI da hatimin shago, domin da shi ake neman garanti. Kafin mu hau Keke Napep na sa ya kashe RAM ta aro, ya kuma mayar da fuskar kan 60Hz, ya bar 120 ɗin sai ranar da wuta ta kwana.